Yadda Ake Karɓar Riƙon Ɗan Ɗan'uwa Maraya a Kano, da Hujjojin da Kotu Ke Nema

A yawancin gidajen Kano maganar wanda zai riƙe marayu tana ƙarewa ne a zaman makoki, ko ranar sadakar bakwai, inda babban gida zai ce wane ya ɗauki wannan, wance ta ɗauki wancan, a yi addu'a a watse. Wannan tsari yana tafiya lafiya har ranar da za a je banki neman kuɗin mamaci, ko ofishin fasfo, ko kuma ranar da dangin uwa za su aiko da sammaci suna neman a ba su 'ya'yan 'yarsu. A ranar ne mai riƙo zai gane cewa amincewar dangi ta baka ba ta tsaya masa a gaban ma'aikacin da ke neman takarda. Bayanin da ke tafe ya ɗauki misali guda, wato baffa da yake son karɓar 'ya'yan wansa da ya rasu, ya bi shi daga farko har zuwa miƙa dukiya.

Mu ƙaddara wani ma'aikaci mazaunin Kurna ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya biyu, namiji ɗan shekara tara da mace 'yar shekara biyar. Matar ta gama takaba, bayan wani lokaci ta auri wani mutum da ba dangin yaran ba, ta tare a gidansa. Ƙanin mamacin, wanda ke zaune a Gwammaja da iyalinsa, shi ne yake son yaran su dawo hannunsa.

Abin da za a nema, da abin da ba za a samu ba

Kafin a taka ƙafa zuwa kotu, wajibi ne a san cewa shari'ar Musulunci ba ta yarda mutum ya mayar da ɗan wani ɗansa na cikinsa ba, ta yadda yaron zai ɗauki sunansa a matsayin uba ya kuma gaje shi. Ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab sun soke wannan, suka yi umarni da a kira 'ya'yan riƙo da sunayen iyayensu. Saboda haka baffan ba zai je ya ce a mayar masa da yaran 'ya'yansa ba. Abin da zai nema shi ne riƙo, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke aiki da ita, riƙon nan ya rabu gida biyu. Akwai hadana, wato renon yaro da kwanansa da cinsa da tarbiyyarsa, akwai kuma wilaya a kan dukiyarsa, wato ikon karɓar gadonsa da juya shi da kashe masa. Kowanne yana da nasa masu haƙƙi, kuma samun ɗaya ba ya jawo ɗayan. Yawancin rigingimun da suke kai dangi gaban alƙali sun samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun, inda wanda yara ke hannunsa zai ɗauka gidan gadonsu ma yana hannunsa.

Mataki na farko: a gano waɗanda suke gaba a layi

A jerin masu haƙƙin hadana na Malikiyya, ɓangaren uwa ne a gaba. Uwa ce ta farko, sai kakar yara ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, sannan a gangaro ga kaka ta wajen uba, da yayar yaro mace idan ta girma, da gwaggo, kafin a zo kan maza irin su wa da kaka namiji da baffa. Wannan yana ba mutane da yawa mamaki, domin al'adarmu ta saba cewa 'ya'ya na dangin uba ne, amma alƙali da littafi zai yi aiki. Lokacin hadanar kuma ba gajere ba ne: namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare.

A misalinmu, haƙƙin uwa ya faɗi saboda ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, sai dai bai faɗo hannun baffa ba, ya koma ga mahaifiyarta. Akwai kuma wata ƙa'ida da ake yawan mantawa: idan wanda haƙƙin ya komo wa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, yaran suna ci gaba da zama wurin uwarsu. Don haka baffan da ya bari aka shekara biyu sannan ya taso, yana iya tarar da ƙofar ta rufe.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce sulhu. Baffa ya je da manyan gidansu wurin uwar yaran da kakarsu da innarsu, a zauna a yi magana a fili a kan inda yaran za su zauna, da makarantarsu, da ranakun da za su riƙa zuwa wurin mahaifiyarsu. Idan an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da shaidu biyu maza da mai unguwa. Ana iya yin wannan zama a ofishin Hisba idan ana ganin ba za a fahimci juna a gida ba, amma a sani takardar sulhun Hisba hujja ce da za a kai kotu, ba ta zama madadin hukuncin alƙali. Abin da na fi ba da shawara shi ne a roƙi matan nan su zo kotu da kansu su faɗa da bakinsu cewa sun sauke haƙƙinsu, kowacce bayan wadda ke gabanta, domin wadda ta yafe haƙƙin da bai riga ya zo hannunta ba tana iya dawowa ta neme shi daga baya.

A wannan zama ne kuma za a tambaya ko mamacin ya bar wasiyya. Idan uba ya naɗa wani wasiyyi a kan 'ya'yansa kafin ya rasu, a rubuce ko a gaban shaidu, to dukiyar yaran tana hannun wasiyyin nan, ko da ba dangi ba ne. Idan babu wasiyyi, babu wanda yake da wannan iko kai tsaye, ko uwa, ko kaka, ko baffa. Alƙali ne yake naɗa wanda ya ga ya dace.

Mataki na biyu: tara hujjoji

Abubuwa huɗu kotu take son ta tabbatar: cewa uban ya rasu, cewa yaran 'ya'yansa ne kuma ƙanana ne, cewa mai nema ɗan'uwansa ne, da cewa mai neman ya cancanta. Kowace takarda da za a nema tana hidima ne ga ɗaya daga cikin waɗannan.

Shaidar rasuwa ita ce ta fi ba mutane wahala, saboda muna binne mamaci cikin 'yan sa'o'i ba tare da kowa ya tuna da takarda ba. Idan a asibiti ya rasu, kamar Murtala ko Malam Aminu Kano ko Nassarawa, a koma sashen ajiye bayanai da katinsa ko lambar fayil ɗinsa a nemi takardar likita mai nuna ranar rasuwa da dalilinta. Da ita ake zuwa ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, a karɓi takardar shaidar mutuwa. Idan a gida ya rasu, sai a fara da wasiƙar mai unguwa, dagaci ko hakimi ya ƙarfafa ta, a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu wadda wani da ya halarci jana'iza zai yi, sannan a kai wa hukumar. Idan haɗarin mota ne, a nemi rahoton 'yan sanda tun da wuri, domin masu biyan inshora da fansho sukan tambaye shi.

Shaidar haihuwar yaran ma daga Hukumar Ƙidaya take, kuma amfaninta shi ne tana ɗauke da sunan uba da na uwa da ranar haihuwa. Idan ba a taɓa yi musu ba, har yanzu ana iya yi tunda ba su kai shekara 18 ba. Katin asibitin haihuwa ko katin riga-kafi ko takardar shiga makaranta za su taimaka wajen tabbatar da shekaru. A nan ne wasu suke yin kuskuren da yake da wuyar gyaruwa: baffa ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ya sa sunansa a gurbin uba, don kada a riƙa yi masa tambayoyi a makaranta. Wannan ƙarya ce a takardar hukuma, ya saɓa wa ayar da aka ambata, kuma ranar da yaron zai nemi haƙƙin mahaifinsa a wurin aiki ko a banki, takardarsa da kanta za ta ce shi ba ɗan mamacin ba ne.

Sai a baje takardun a kan tabarma a duba sunaye harafi bayan harafi. Abu ne da aka saba gani a ce katin aikin mamaci yana ɗauke da Muhammad Sani Abdullahi, asusun bankinsa Sani Abdullahi Kurna, takardar haihuwar ɗansa kuma an rubuta Sani Audu. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin banki ba zai saki ko kwabo ba sai an kawo takardar rantsuwa da ta haɗa sunayen, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Gara a yi wannan kafin a shiga kotu, don hukuncin alƙali ya fito da sunan da ya dace da sauran takardu.

Dangantaka kuwa shaidu ne suke tabbatar da ita: maza biyu adalai da suka san gidan, waɗanda za su iya cewa mamaci da mai nema uwa ɗaya uba ɗaya suke, ko uba ɗaya, kuma yaran nan an haife su a cikin aure. Limamin unguwa da tsohon maƙwabci sun fi ɗan mai nema ko yaron shagonsa, domin ana iya sukar shaidar wanda yake da amfani a cikin maganar. Wasiƙar mai unguwa da takardar shaidar ƙaramar hukuma suna ƙara ƙarfi.

Cancanta ita ce ta ƙarshe. Baffa zai nuna katin shaidarsa na ɗan ƙasa, da abin da ke nuna sana'arsa ko albashinsa, da inda yake zaune. Fiƙihu ya sharɗanta wa mai riƙo hankali da amana da iya kula da yaro da kuɓuta daga cuta mai yaɗuwa, kuma idan namiji ne sai yana da macen da za ta yi renon a gidansa. Saboda haka yardar matar baffa ba ƙaramin abu ba ce, kuma alƙali yana iya neman ya ji daga bakinta. Ni a ganina mutumin da bai shawo kan matarsa ba bai kamata ya shigar da wannan buƙata ba tukuna, domin ita ce za ta wuni da yaran.

Mataki na uku: gaban alƙali

Ga Musulmi, riƙon yaro da gado da wasiyya suna cikin al'amuran da Kundin Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 277, ya lissafa a ƙarƙashin dokar iyali ta Musulunci, don haka Kotun Shari'ar Musulunci ake zuwa. A fara da kotun yankin da yaran suke zaune. Idan dukiyar tana da yawa, magatakarda zai nuna a tafi Babbar Kotun Shari'a, irin ta Ƙofar Kudu. Jihar Kano ta kuma sami Dokar Kare Yara a 2023, kuma jami'an jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Mata suna da hannu a al'amuran yara, don haka kotu tana iya neman su ziyarci gidan su kawo rahoto. Iyalan da ba Musulmi ba, kamar da yawa daga mazauna Sabon Gari, ta wannan ma'aikata da kotunan jiha na gama-gari za su bi.

A wurin magatakarda za a faɗi buƙata a rubuta ta, a biya kuɗin shigar da ƙara, a karɓi rasit. A tabbata an ambaci abubuwa biyun da sunansu: ana neman a tabbatar wa wane riƙon yara wane da wance, ana kuma neman a naɗa shi mai kula da dukiyarsu. Kotu za ta aika wa uwa da sauran masu haƙƙi sammaci. Kada a ɓoye sunan kowa don gudun gardama, domin hukuncin da aka yi a bayan idon mai haƙƙi shi ne wanda ake rushewa idan ya ɗaukaka ƙara.

Ranar zama a zo da yaran, da shaidu, da asalin takardu tare da kwafinsu. Alƙali zai saurari mai nema, ya saurari uwa da kaka, ya ji shaidu, ya ba ɗaya ɓangaren damar sukar su, kuma yana iya tambayar yaron ɗan shekara tara yadda yake zaune da inda yake karatu. Ba dole ne hukuncin ya zo yadda baffa ya so ba. Yana yiwuwa alƙali ya bar yarinyar wurin kakarta ta wajen uwa, ya ba baffa kula da dukiya kaɗai, ya yanka abin da zai riƙa aikawa kowane wata daga kuɗin yaran. Wannan hukunci ne da ya dace da fiƙihu, kuma sau da yawa shi ya fi zaunar da dangi lafiya.

Bayan hukunci a nemi kwafinsa mai hatimin kotu da sa hannu, a karanta shi a wurin kafin a fita. A duba cikakken sunan kowane yaro, da sunan mamaci yadda yake a banki da wurin aiki, da kuma ko an rubuta ikon karɓar dukiya a fili. Takardar da ta ce riƙo kawai ba za ta buɗe asusu ba. A yi kwafi da yawa a kai kotu ta buga musu hatimi, domin kowane ofishi zai riƙe ɗaya.

Mataki na huɗu: dukiyar yaran

A ce bayan an biya kuɗin jana'iza da basussuka, abin da mamacin ya bari ya kama naira 7,200,000, kuma bai yi wasiyya da komai ba. Matarsa tana da tumuni, wato 900,000, kuma auren da ta yi daga baya bai taɓa wannan rabo ba. Mahaifiyarsa tana da sudusi, 1,200,000. Ragowar 5,100,000 na yaran ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: 3,400,000 nasa, 1,700,000 na ƙanwarsa. Baffa ba shi da ko sisi, domin ɗa namiji ya katange shi. Duk abin da ya shigo hannunsa amana ce, kuma rabon kowane yaro daban yake, ba a haɗa su a tukunya ɗaya a ce kuɗin marayu.

Wanda mamaci ya rubuta a fom ɗin banki ko na wurin aiki a matsayin makusancinsa bai zama magaji ko mai riƙo da wannan rubutu ba. Shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Banki da kamfanin fansho za su nemi shaidar mutuwa da umarnin kotu, wasu kuma sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. A je a tambayi kowannensu jerin abin da yake so a rubuce kafin a fara zirga-zirga. Idan mamacin yana ƙarƙashin tsarin fansho na Dokar 2014, a tambayi wurin aikinsa kuɗin inshorar rai, wanda dokar ta ce kada ya gaza ninki uku na albashinsa na shekara. Iyalai da yawa ba su san da shi ba.

A buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, a sayi littafi mai bango a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, da kwanan wata, a manna rasit ɗin kuɗin makaranta da na asibiti. Ciyar da maraya mai dukiya daga dukiyarsa ake yi, gwargwadon abin da aka saba. Idan baffa ya kashe nasa kuɗin da niyyar zai cire daga na yaron daga baya, ya rubuta hakan ya sa shaida tun a lokacin, in ba haka ba, ana iya ɗauka kyauta ya yi. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce mai riƙo mawadaci ya kame, matalauci kuma ya ci gwargwadon abin da ya dace, kuma mafi aminci shi ne alƙali ya ƙayyade wannan gwargwado. A Malikiyya ana fitar da zakka daga dukiyar maraya idan ta kai nisabi ta shekara, don haka ita ma ta shiga littafin.

Gida ko fili kuwa, kada a sayar sai da izinin kotu. Alƙali zai so ya ji dalili, kamar gidan yana rushewa kuma babu kuɗin gyara, ko rabon yaran a cikinsa kaɗan ne kuma sauran magada suna son sayarwa, sannan a sa masana su yi masa kima. Cinikin da aka yi ba tare da wannan ba, yaron yana iya tayar da shi bayan ya girma, kuma mai riƙo ya saya wa kansa shi ne mafi munin abin da za a tarar a fayil.

Zama a gida, da ranar miƙawa

Baffa muharramin yarinyar ne, amma 'ya'yansa maza ba muharramanta ba ne, haka matarsa ba muharramar yaron ba ce idan ya balaga, don haka a tsara ɗakunan kwana da wannan a zuciya tun suna ƙanana. Shayarwa tana ƙulla muharramaka idan an yi ta cikin shekara biyun farko, abin da ya wuce waɗannan yaran. Ba za su gaji baffa ba matuƙar yana da ɗa namiji, amma yana iya yi musu kyauta yana raye su karɓa, ko ya yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Wajen yi musu lambar shaidar ɗan ƙasa ko fasfo, ko tafiya da su Umara, hukuncin kotun nan da shaidar mutuwar uba su ne za su tsaya a madadin sa hannun mahaifi, kuma tunda uwa tana raye a haɗa da wasiƙar yardarta.

Balaga kaɗai ba ta isa a miƙa wa yaro dukiyarsa ba, sai an ga ya iya riƙe kuɗi. Ana gwada shi da kaɗan, a ba shi kuɗin zangon karatu guda ko ɗan jarin da zai juya a ga yadda zai yi. Idan an gamsu, wanda alƙali ya naɗa ya koma kotun da ta naɗa shi da littafin lissafi da takardar bayanin asusu daga banki da takardun gida, a karanta wa yaron a gaban shaidu biyu, ya karɓa ya sa hannu, kotu ta rubuta cewa an sauke mai riƙo daga rabonsa. Rabon ƙanwarsa yana nan a hannun baffa da littafinsa daban, har ita ma lokacinta ya yi a bi mata wannan hanya.